Sabuwar Waya, Tsohon Layi: Kulle WhatsApp da Komawa Cikinsa Ba Tare da Asara Ba

WhatsApp bai san sunanka ba, bai san fuskarka ba, bai kuma damu da wayar da ke hannunka ba. Abu ɗaya ya sani: lambar layinka. Ranar da ka fara buɗe shi, lambar ya tambaya, sannan ya turo wasu lambobi shida ta saƙon tes, ka shigar, ya buɗe. Iyakar shaidar da ya nema ke nan. Saboda haka duk wanda ya samu waɗannan lambobi shida, ko yana Sabon Gari ko yana wata ƙasa, a wurin manhajar shi ne kai. Da zarar ya shigar da su a tasa wayar, sai a fitar da kai daga taka, domin asusu ɗaya babbar waya ɗaya yake amincewa da ita.

Wannan sauƙin ne ya sa canza waya ba ya da wuya, shi ne kuma ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Salon da ya fi yawa a ƙasar nan kusan kowa ya ji labarinsa. Wani zai kira ka da murya mai ladabi, ya ambaci sunan wani zauren da kake ciki, na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na ƙungiyar 'yan kasuwa. Zai ce za a yi taro ta intanet da ƙarfe takwas na dare, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa don ya sa sunanka. A daidai lokacin yana zaune ne da wata waya, ya riga ya rubuta lambar layinka a WhatsApp, saƙon da ya shigo maka kuwa shi ne makullin asusunka. Kana karantowa, zance ya ƙare. Kafin la'asar 'yan uwanka sun fara samun saƙo da sunanka da hotonka, wai kana asibiti, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe.

A watan Fabrairun 2017 ne WhatsApp ya buɗe wa kowa wani tsari na toshe wannan ɓaraka, wato tantancewa mai mataki biyu. Bayan lambobin da ake turowa ta tes, sai ya ƙara neman wata lambar sirri mai lambobi shida wadda kai ka ƙirƙire ta, ba a turo ta daga ko'ina ba. Ta farko kamar kwaɗon ƙofa ne da ake aiko maka sabon makullinsa duk lokacin da aka buƙata, ana iya tare ɗan aiken a hanya. Ta biyu kuwa sakata ce da ka zura daga ciki. Dole a rarrabe su tun yanzu, domin dukansu lambobi shida ne, kuma nan mutane suke rikicewa. A wannan rubutu za mu kira ta farko lambar tes, ta biyu lambar sirri. A fuskar waya ana rubuta ta biyun da PIN.

Kunna ta ba ya cin minti uku. A wayar Android, ka taɓa ɗigo ukun da ke saman dama, ka shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka danna Turn on. A iPhone, Settings yana ƙasa ne, sauran hanyar ɗaya ce. Wanda wayarsa ke Faransanci, kamar yawancin mutanen Maraɗi da Damagaram, zai ga Paramètres, Compte, sannan Vérification en deux étapes. Zai ce ka rubuta lambobi shida, ka sake rubuta su don tabbatarwa. Kada ka sa 123456, kada ka sa shekarar haihuwarka da aka ƙara wa sifili biyu, kada kuma ka sa ƙarshen lambar layinka, tunda ita ce abu na farko da ɓarawon ya mallaka.

Daga nan sai ya nemi adireshin imel, kuma ya ba ka damar tsallakewa. Wannan maɓallin na Skip shi ne ya fi jefa mutane cikin wahala a duk lamarin.

Imel ɗin da ba ka san makullinsa ba

Babban amfanin imel ɗin shi ne wannan: ranar da ka manta lambar sirri, can za a tura maka hanyar sake wata. Idan ba ka sa ba, babu ofishin da za ka je, babu lambar da za ka kira. Sai ka jira kwana bakwai, ana ƙirgawa daga lokacin ƙarshe da asusun ya yi aiki, kafin a ba ka damar shiga ba tare da ita ba. Ga mai sayar da atamfa ko turare ta waya, wanda duk cinikinsa da bashinsa suna cikin hirarrakin nan, mako guda ba ƙaramin abu ba ne.

To amma sa imel kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne matsalarmu ta bambanta da abin da masu ƙera manhajar suka zata. Da yawa daga cikinmu ba mu muka buɗe wa kanmu Gmail ba. Ranar da aka sayi wayar, a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a wani shagon bakin titi, yaron shagon ne ya buɗe don a samu sauke manhajoji. Ya haɗa sunanka da wasu lambobi, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, ya miƙo waya. Shekara uku wayar tana aiki lafiya, ba a taɓa tambayarka kalmar ba, domin ta riga ta zauna a ciki. Sai ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a tasha, sannan ka gane cewa imel ɗin da ka dogara da shi ba ka san hanyar shigarsa ba, wataƙila ko cikakken adireshin ba ka riƙe ba.

A ganina, wanda zai kunna tantancewa mai mataki biyu ya fara da wannan gwajin: ya ɗauki wata waya ko kwamfuta, ya gwada shiga imel ɗinsa daga can. Idan ya shiga, madalla, sai ya fita. Idan ya kasa, ya gyara yau tun tsohuwar wayar tana hannunsa, domin canza kalmar sirrin Google ya fi sauƙi ƙwarai daga wayar da asusun ya saba da ita. Ya rubuta adireshin da kalmar a takarda, ya ajiye inda yake ajiye takardun gida, ba a bayan murfin wayar ba. Wasu suna ganin rubuta kalmar sirri a takarda ganganci ne. Amma mai damfarar da ke kiran ka daga nesa ba zai iya buɗe akwatinka ba, mantuwa kuwa tana tare da kowa.

Bayan ka kunna, lokaci zuwa lokaci WhatsApp zai riƙa tsayar da kai ya ce ka rubuta lambar sirrin. Ba lalacewa ya yi ba, yana yi maka tilawa ne don kada ta ɓace. Idan ka ga ka fara kokwanto a kanta, koma inda ka kunna ka danna Change PIN. Muddin kana cikin asusun, kana iya canza ta. Wannan dama tana ƙarewa ne ranar da ka fita.

Akwai wani saƙo da za ka iya gani a imel, mai ɗauke da mahaɗin kashe tantancewar, alhali ba ka nema ba. Ma'anarsa wani yana bakin ƙofa, ya samu lambar tes ko yana ƙoƙarin samu, yana fatan ka zare masa sakatar da hannunka. Kada ka taɓa mahaɗin.

Asusu daban, hirarraki daban

Kafin mu zo kan canza waya, akwai abin da ya kamata a fahimta, domin shi ke sa mutum ya ce "na dawo da WhatsApp ɗina amma babu komai a ciki". Layi da lambar sirri suna dawo maka da asusu ne: sunanka, hotonka, zaurukan da kake ciki. Ba sa dawo da tsofaffin saƙonni. Kamfanin ba ya ajiye hirarrakin da aka riga aka isar, a cikin wayarka suke zaune. Idan ana so su bi ka zuwa sabuwar waya, sai an yi musu ajiya a wani wuri, wato asusun Google ga masu Android, iCloud ga masu iPhone.

Ka shiga Settings, Chats, Chat backup, ka dubi abu uku da ke rubuce a wurin: ranar da aka yi ajiyar ƙarshe, girmanta, da adireshin imel ɗin da ake ajiyewa a ciki. Mutane da yawa a nan suke shan mamaki. Manhajar tana zuwa ne a saite da yin ajiya ta Wi-Fi kaɗai, mu kuwa galibinmu da datar layi muke aiki. Sai ka tarar an zaɓi ajiyar kullum, amma rabon da ta tafi tun wata goma da suka wuce, ranar da mutum ya kwana a wani otal. Maganinsa a kunna Back up using cellular, sannan a danna Back up a jira ya kammala. Bidiyo shi ke cinye data da wuri, don haka wanda ba ya buƙatarsa ya bar Include videos a kashe. Tun daga 2024 kuma, ajiyar WhatsApp tana cin wuri daga gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta, tare da imel da hotuna. iCloud kuwa gigabayit 5 ne. Idan wurin ya cika, ajiya ta tsaya.

A wannan shafin akwai End-to-end encrypted backup, wanda ya zo a 2021. Yana kulle ajiyar da kalmar sirri ko da wani dogon makulli mai lambobi da haruffa 64, ta yadda ko Google ba zai iya karantawa ba. Tsaro ne mai ƙarfi, amma ba shi da rangwame: idan wayar ta ɓace kuma ka manta kalmar, babu wanda zai iya buɗe maka. Ga wanda bai saba riƙe irin waɗannan abubuwa ba, ban cika son a kunna masa shi ba tare da an rubuta masa a takarda ba.

Idan tsohuwar wayar tana hannu

Wannan shi ne mai sauƙi, in dai an bi tsari. Kafin ka cire layi, ka yi ajiya ta ƙarshe, ka tabbatar da adireshin Google, ka kuma tabbatar kana tuna lambar sirri. Idan akwai shakka, canza ta a tsohuwar wayar yanzu. Kuskuren da ake yi shi ne a fara rajista a sabuwar waya tukuna, a shigar da lambar tes, sai a tarar da tambayar PIN a gaba, a juya ga tsohuwar wayar don gyarawa, a iske ta riga ta fitar da mutum.

A sabuwar wayar, ka fara shigar da asusun Google ɗin nan da ajiyar take ciki, kafin ka buɗe WhatsApp. Ka sauke manhajar daga Play Store ko App Store. Ka zaɓi ƙasa, +234 ga Najeriya, +227 ga Nijar, ka rubuta lambar. Ɗan Najeriya ya cire sifilin farko. Lambar tes za ta zo, wani lokaci ma a cikin WhatsApp na tsohuwar wayar ake nuna ta. Sai lambar sirri. Sai a nuna maka cewa an ga ajiya, da girmanta da ranarta, ka danna Restore. Wannan tayin a lokacin rajista kawai yake zuwa. Idan ka tsallake cikin gaggawa, sai ka goge manhajar ka sake saukewa, kuma ka yi hakan da wuri, kafin sabuwar wayar ta yi tata ajiyar marar komai ta danne tsohuwar.

Wanda ba ya son kashe data yana da wata hanya idan wayoyin biyu iri ɗaya ne, Android da Android ko iPhone da iPhone. A tsohuwar ka shiga Chats, ka zaɓi Transfer chats, ka haska ɗan zanen murabba'in da sabuwar za ta nuna, ka ajiye su kusa da juna har su gama. Daga Android zuwa iPhone kuwa ajiyar Google ba ta shiga iCloud, sai da manhajar Move to iOS, ita ma sai iPhone ɗin yana sabo ko an wanke shi tas. Idan layi za ka canza tare da waya, fara yin Change number a ƙarƙashin Account a tsohuwar wayar, sannan ka yi ajiya, sannan ka ƙaura. Masu amfani da jabun manhajoji irin su GB WhatsApp su sani ba a lamunce musu komai a nan: ajiyarsu ba lallai ta shiga ta ainihin ba, kuma ana iya dakatar da asusunsu.

Kada a sayar da tsohuwar waya ko a ba ƙani sai an buɗe hirarraki a sabuwar an ga sun cika, sannan a wanke ta gaba ɗaya.

Idan wayar ta tafi da layin

Mu ɗauki misali. A ce wata mai sayar da kayan ɗaki ce, an sace wayarta ranar Litinin a wurin biki. Tana da lambar sirri, ta sa imel, ajiyarta ta ƙarshe ta daren Asabar ce. Hankalinta zai tafi kan WhatsApp, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Na farko shi ne layin, domin yana hannun ɓarawo, kuma ta kansa saƙonnin banki suke shigowa. Ta ari waya ta kira kamfanin layin a toshe shi, ta sanar da bankinta. Washegari ta je ofishin kamfanin a yi mata abin da ake kira walkam bak, wato sabon sim mai tsohuwar lamba. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa a Disambar 2020, ita ake fara nema, sannan a duba fuska ko yatsa, a kuma iya tambayar lambobin da ta fi kira da katin da ta sa na ƙarshe. Idan layin da sunan mijinta ko yayanta aka yi masa rajista, kamar yadda yake ga mata da yawa, sai shi ya je da kansa. In yana Legas ko ya rasu, magana ta yi tsawo. Wannan ma abin gyarawa ne tun ana zaune lafiya.

Na biyu shi ne Google. Za ta shigar da imel da kalmar sirri a sabuwar waya, kuma tunda wayar baƙuwa ce, yana iya tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ya sani. Shi ya sa layi ya riga shi. Wanda ya fara da Google ba tare da layi ba yana iya yini yana zagaye wuri ɗaya.

Sai na uku, WhatsApp. Ta rubuta lambarta, lambar tes ta shigo sabon sim. Tana shigar da ita, wayar da ke hannun ɓarawo ta fita daga asusun. Ta sa lambar sirri, ta danna Restore. Abin da zai dawo shi ne komai har zuwa daren Asabar. Hirarrakin Lahadi da safiyar Litinin da suka riga suka sauka a tsohuwar wayar sun tafi da ita, sai dai ta roƙi kwastomomin su sake turo mata. Da ta manta lambar sirrin, sai ta danna Forgot PIN, ta buɗe imel, ta bi mahaɗin. Da ba ta sa imel ba, sai Litinin ta zagayo.

Idan tes ɗin bai shigo ba, kada a yi ta danna neman wani. Kowane gwaji yana ƙara tsawon jira, daga mintuna ya koma sa'o'i. A bar agogon ya ƙare, a zaɓi Call me, na'ura za ta kira ta karanto lambar.

Jinkiri ma yana da iyaka. Asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba ana iya share shi. Layin da aka yi watsi da shi na watanni kuma kamfani yana sake sayar da shi, sabon mai shi ya buɗe nasa WhatsApp da lambar.

Idan wani ya riga ka shiga

Wanda aka yaudara ya karanto lambar tes alhali ba shi da lambar sirri, bai rasa asusunsa har abada ba, tunda layin yana hannunsa. Ya sake yin rajista nan take, ya nemi sabuwar lambar tes. Shigar da ita kaɗai yana korar mai kutsen. Sai dai ɓarayin sun san aikinsu: suna shiga, abu na farko da suke yi shi ne kunna tantancewa mai mataki biyu da tasu lambar da nasu imel ɗin. Don haka mai asusun zai tarar ana tambayarsa PIN da bai taɓa sawa ba, dole ya yi jiran kwana bakwan nan. A tsawon makon babu kowa a ciki, ba shi ba, ba ɓarawon ba. Ya yi amfani da lokacin ya kira 'yan uwa da shugabannin zaurukansa, a cire lambar na ɗan lokaci, kada kowa ya tura ko sisi. Tsofaffin hirarrakinsa ba su faɗa hannun ɓarawon ba, tunda suna cikin wayarsa, amma duk abin da aka turo a lokacin da yake ciki ya gani, ya kuma ga lambobin mutanen da ke zaurukan, waɗanda su ne zai kira gobe.

Wani salon kuma ba ya neman ka karanto komai. Za a ce ka danna wasu lambobi masu tauraro don samun kyautar data, ashe karkatar da kiranka ka yi zuwa layinsu, sai su zaɓi Call me, kiran ya faɗa wurinsu. Alamar ita ce mutane su riƙa cewa sun kira ka wayar ba ta yi ƙara ba. Ana soke duk wata karkatarwa da danna wannan a kira:

```
##002#
```

Bayan an koma ciki, ko daga sata ko daga kutse, a leƙa Linked devices. Asusu ɗaya yana iya ɗaukar ƙarin na'urori har huɗu, kuma lambar sirri ba ta hana wannan hanyar, domin wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya, a wurin caji ko wurin gyara, yana iya haɗa ta da kwamfutarsa ba tare da an tambaye shi PIN ba. Duk na'urar da ba ka gane ba a jerin, ka taɓa ta ka danna Log out, sannan ka sa wa wayar kanta makullin fuska.